Lamba 4 a obin ɗin gas ba kullum take nufin digiri 180 ba

"Assalamu alaikum Anti. Daga Ƙofar Ƙaura nake rubutowa, a nan cikin Katsina. Na samo bayanin wani kek na Turawan Ingila, an rubuta 180°C / 160°C fan / Gas Mark 4. Kukar gas ɗin da aka sa mini a kayan ɗaki lambobi ne a jikin makunnin obin ɗinta, daga 1 zuwa 6. Na sa a 4, ƙasan kek ɗin ya ƙone ƙurmus, tsakiyar kuma ɗanya. Akwai wani ƙaramin obin na lantarki da yayata ta ba ni, shi kuma daga 200 ya fara zuwa 450 da harafin F, babu 180 ko kaɗan. Na sa a 200, har awa guda bai gasu ba. Don Allah yaya ake wannan lissafin? Ga Sallah ta matso."

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, hannunki lafiya lau yake, kwaɓinki ma ina kyautata zaton ba shi da laifi. Bari mu fara da ƙaramin obin ɗin yayarki, domin shi nasa lissafi ne zalla, da kin gane shi an gama. Na gas ɗin ne ke buƙatar zama da haƙuri, shi zan fi daɗewa a kansa.

Ma'aunin zafi iri biyu ne suka fi yawo a littattafan girki. Akwai Salsiyos, mai alamar °C, wanda mu da mafi yawan duniya muke amfani da shi, akwai kuma Faranhait, mai alamar °F, wanda Amurkawa suka riƙe har yau. Zafin ɗaya ne, awon ne ya bambanta, kamar yadda za ki auna gero ɗaya da tiya wata ta auna shi da kilo. A Salsiyos ruwa yana ƙanƙara a 0, yana tafasa a 100. A Faranhait yana ƙanƙara a 32, yana tafasa a 212. Kin ga tsakanin ƙanƙara da tafasa taki 100 ne a wancan, taki 180 ne a wannan, wato duk taki 5 na Salsiyos daidai yake da taki 9 na Faranhait. Sannan shi Faranhait ba daga sifili ya fara ƙirga ba, ya riga ya yi gaba da 32. Daga waɗannan abubuwa biyu lissafin ya fito:

```
°F = (°C × 9 ÷ 5) + 32
°C = (°F − 32) × 5 ÷ 9
```

Mu gwada da naki. 180 sau 9 ya ba da 1620, a raba da 5 ya zama 324, a ƙara 32 ya zama 356. To babu obin ɗin da za ki ga an rubuta 356 a jikinsa, kuma babu mai rubuta haka a littafi. Kowa 350 yake sawa, domin bambancin digiri shida na Faranhait bai kai yadda obin ɗin da kansa yake hawa da sauka yayin gashi ba. Don haka a ƙaramin obin ɗin nan, 350 za ki murɗa. Ita kuwa 200 ɗin da kika sa, idan aka mayar da ita, 200 a cire 32 saura 168, sau 5 a raba da 9, ya zama 93 a Salsiyos. Ko tafasar ruwa bai kai ba. Kek a wannan zafin bota ce kawai za ta narke ta kwanta, bekin hoda ya gama aikinsa iskar ta fice tun kafin ƙwai da fulawa su kama jiki, ki samu abu mai danƙo, fari fat, ko da zai wuni a ciki.

Idan babu waya a kusa kuma hannunki duk fulawa, ga yadda nake yi da ka: in ninka lambar Salsiyos biyu, in cire kashi ɗaya cikin goma na abin da ya fito, in ƙara 32. Ninkin 180 shi ne 360, a cire 36 saura 324, a ƙara 32, ga 356 ɗinmu ta dawo. Amsar daidai take cif, ba kintace ba ce.

Akwai kuma hanya mafi sauƙi da za ki ji masu gashi suna faɗa, cewa Faranhait ninkin Salsiyos ne kawai. A iyakar zafin da ake gasa kek da biskit wannan yana aiki sosai, saboda a 160°C lissafin ya faɗa daidai kan 320°F, ninki biyu cif. Kusa da nan kuskuren kaɗan ne: rabin 350 shi ne 175, ainihin amsar 177, rabin 400 shi ne 200, ainihin amsar 204. Amma ina roƙonki kada ki fita da wannan dabara daga cikin obin. Idan bayanin burodi ya ce a jiƙa yis da ruwa mai ɗumin 110°F, ainihinsa 43°C ne, ɗumin da za ki iya barin yatsa a ciki. Idan kika raba biyu kika kai ruwan 55, kin kai inda yis ke fara mutuwa, kwaɓi ya ƙi tashi ki yi ta zargin mai shago. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne kaza. Ana so tsakiyar naman ya kai 74°C, wato 165°F, kafin a ce ya dahu lafiya. Idan kika ninka 74 kika tsaya a 148 a ma'aunin Faranhait, kin sauke kazar da ba ta gama dahuwa ba. A irin waɗannan wurare cikakken lissafi ake yi.

Wani tarkon kuma da na ga ya kama ɗalibaina da yawa: idan bayani ya ce a rage zafi da 25°F, ba a cire 32 a nan. Wannan tazara ce tsakanin zafi biyu, ba zafi ba ne shi kansa, don haka sau 5 a raba da 9 kawai ake yi. Ya kama kusan 14, ki ɗauka 15°C.

Tunda obin ɗin yayarki Faranhait ne zalla a jikinsa, da alama don kasuwar Amurka aka ƙera shi. Ki juya bayansa ki karanta 'yar takardar da ke manne. Idan kin ga 120V, ba a jona shi kai tsaye a wutarmu mai 230, sai da na'urar rage ƙarfin wuta, kuma babba wadda za ta iya ɗaukar adadin wat ɗin da aka rubuta a wurin, ba ƙaramar da ake sa wa rediyo ba. Ki kuma sani ranar da wuta ta zo ba ƙarfi, obin na lantarki yana jinkirin zafi ƙwarai. Idan wutar ta sauko daga 230 zuwa 180, zafin da ƙarfen ciki ke fitarwa yana komawa kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai. Ranar da kika ga fankar ɗaki tana juyawa da ƙyar, ba ranar gasa kek da lantarki ba ce.

Yanzu mu zo kan kukarki.

Abin da Turawan Ingila ke kira Gas Mark ba lambar ado ba ce, ma'auni ne tsayayye da aka san darajar kowace lamba a cikinsa, kuma a kan Faranhait aka gina shi. Lamba 1 ita ce 275°F, daga nan kowace lamba tana ƙara 25. Ga lissafin:

```
°F = (Gas Mark × 25) + 250
```

Ki sa 4 a ciki: 4 sau 25 ya zama 100, a ƙara 250, ya zama 350°F, wato 180°C ɗin nan dai. Shi ya sa kika gan su a layi ɗaya. Waɗanda za ki fi cin karo da su guda biyar ne, ki rubuta su ki manna a bangon kicin:

```
Gas Mark 3 = 325°F = 160°C
Gas Mark 4 = 350°F = 180°C
Gas Mark 5 = 375°F = 190°C
Gas Mark 6 = 400°F = 200°C
Gas Mark 7 = 425°F = 220°C
```

Za ki lura ɓangaren Salsiyos ba ya tafiya da taki ɗaya, wani wuri 10 wani wuri 20. Ba kuskure ba ne, an daidaita lambobin ne zuwa goma mafi kusa don su yi daɗin karantawa. Lamba 3 ainihinta 163 ce, shi ya sa wani littafi zai ce 160, wani ya ce 170. Ma'aunin yana hawa har 9, wadda take 475°F, kusan 240°C, a ƙasa kuma akwai rabi da kwata don abin da ake so ya bushe a hankali.

To ga inda gizo ke saƙar. Wannan ma'auni na kukar da aka ƙera don Ingila ne da ire-irenta, kuma irin waɗannan suna da wata 'yar na'ura a ciki da ake kira tamostat, mai jin zafin obin ɗin. Idan kika sa 4, wuta za ta ci da ƙarfi har zafi ya kai 180, sai na'urar ta rage gas da kanta, harshen wutar ya ƙanƙance, ya riƙe zafin a nan. Da yawa daga cikin kukokin da ake sayarwa a kasuwanninmu, musamman masu sauƙin kuɗi da ake sa wa amare, ba su da wannan na'urar. Makunnin obin ɗinsu daidai yake da makunnin kan murhu na sama: yana ƙara girman wuta ne ko ya rage, shi ke nan. Lambobin da ke jikinsa suna nuna girman harshen wuta ne, ba digiri ba. Naki ma da ya tsaya a 6, ya isa ya sa a yi shakka, tunda na Ingila yakan kai 8 ko 9. A irin naki, 4 cikin 6 ta wuce rabin ƙarfin wutar gaba ɗaya, kuma ba abin da zai rage ta idan obin ya yi zafi. Zafi zai yi ta hawa ne har ya tsaya inda ya ga dama, sau da yawa sama da 220.

Ko a Turai ma lambobin ba ɗaya ba ne. Idan kika ga bayanin girki na Faransanci, wanda mu nan ba ya mana wuyar samu tunda ga Maraɗi ga Damagaram a maƙwabta, za ki ga an rubuta Th 6 ko thermostat 6. Su nasu lissafin sau 30 ne, wato 6 tana nufin 180°C. Idan kika ɗauke ta a matsayin 6 ta Ingila kin ƙara digiri 20 ba ki sani ba.

Ga yadda za ki gane ko kukarki tana da tamostat, ba sai kin kira mai gyara ba. Ki kunna obin ɗin ba komai a ciki, ki sa shi a lamba ta tsakiya, ki leƙa ta ramin da ake kunnawa ki ga girman wutar, sannan ki rufe ƙofa. Bayan minti 20 ki sake leƙawa, ta gilashi idan ana gani, ko ki buɗe da sauri. Idan wutar ta ƙanƙance da kanta, sannan da kika bar ƙofa a buɗe minti ɗaya ta sake girma, akwai tamostat. Idan tana nan yadda kika bar ta, kuma duk lokacin da kika taɓa makunni take canzawa nan take ko obin na da zafi ko babu, to famfon gas ne kawai.

Idan haka ta kasance, kuma ina jin haka za ta kasance, babu lissafin da zai mayar miki da 180°C zuwa lambar kukarki. Babu shi a littafi, babu shi a waya. Sai kin auna da kanki, kuma aikin yamma ɗaya ne. Ki nemi ma'aunin zafi na obin, ɗan ƙaramin agogo ne na ƙarfe mai allura, ana rataye shi a jikin ragar obin ko a tsayar da shi. Masu sayar da kayan kek suna kawo shi, kuma kuɗinsa bai kai asarar bota da ƙwan kek biyu ba. Yawancinsu suna da °C da °F duka a fuska ɗaya, don haka zai yi miki aiki a obin ɗin yayarki ma, ya hutar da ke lissafi.

Ki sa ragar a tsakiya, ki ajiye ma'aunin a tsakiyar ragar, daidai inda gwangwanin kek zai zauna, ba a jikin bango ko kusa da ƙofa ba. Ki kunna a lamba 1, ki rufe, ki bar shi minti 20, ki karanta ki rubuta. Ki ƙara minti 10 ki sake karantawa, domin ki ga ko ya tsaya ko yana ci gaba da hawa. Sai ki matsa zuwa 2 ki ba shi minti 15, haka har ki kai 4 ko 5. Ki riƙa karantawa ta gilashi idan zai yiwu, saboda duk buɗe ƙofa zafi mai yawa ne ke fita.

Lokacin da na yi wa tsohuwar kukata wannan awon, wadda na yi shekaru ina gasa kek ɗin biki da ita, abin da na samu shi ne 1 tana tsayawa a wajen 150, 2 a wajen 175, 3 ta haura 200, 4 kuwa allurar har ta wuce 225 tana neman gaba. Ashe duk kek ɗina tsakanin 2 da ɗan gaba kaɗan ya kamata ya zauna. Na samo jan farce na ɗiga a daidai wurin, na huta. Kada ki ɗauki lambobina ki yi aiki da su, ko kukarmu kamfani ɗaya ce. Kan tukunyar gas da ke daidaita fitarsa ya bambanta, ramukan wutar wani sun toshe wani ba su toshe ba, robar bakin ƙofa wata ta saki. Har yanayi yana taɓawa: obin marar tamostat a kicin ɗin da iskar hunturu ke shiga da asuba a watan Janairu ba zai kai inda yake kaiwa da rana tsaka a watan Afrilu ba. Shi ya sa ni ma'aunin nan ba ya fita daga cikin obin ɗina.

Idan Sallah ta riske ki ba ki samu ma'aunin ba, akwai gwajin sukari. Farin sukari yana narkewa a wajen 186°C, kin ga yana gaba kaɗan da zafin da kike nema. Ki bar obin ya yi minti 20 a lambar da kike zato, ki zuba sukari cokali ɗaya a kan 'yar takardar foyil da kika lanƙwasa bakinta, ki ɗora a ragar tsakiya, ki ba shi minti 15. Idan kin tarar da shi garinsa yadda kika zuba, zafin bai kai 186 ba. Idan ya narke ya zama ruwa mai launin zuma, ya kai ko ya wuce. Idan ya yi baƙi yana hayaƙi, kin yi nisa sosai. Abin da kike nema shi ne wurin da sukari bai narke ba, amma da kin ƙara murɗawa kaɗan zai narke. Nan ne 180 ɗinki take, ko kusa da ita. Gwajin ba ya ba da lamba, iyaka ɗaya kawai yake nuna miki, amma iyakar ta faɗo daidai inda mai kek ke buƙata. Ki yi hankali da narkakken sukari, ƙunarsa ta fi ta tafasasshen ruwa muni.

Saura lamba ta tsakiya a bayanin naki, 160°C fan. Wannan na masu obin ne mai fanka a bangon baya, wadda ke kaɗa iska mai zafi tana zagaye abinci. Iskar da ke motsi ta fi saurin kai zafi jikin kek, don haka ake rage 20°C. A bayanan Amurka kalmar convection za ki gani, su kuma sukan ce a rage 25°F. Kukar gas ɗinki ba ta da fanka, don haka wannan lambar ba taki ba ce. Ki leƙa ƙaramin na lantarkin, idan babu fanka a ciki shi ma ki manta da ita. Inda ake shiga matsala shi ne idan marubucin lamba ɗaya tak ya bayar, kuma obin mai fanka yake amfani da shi bai faɗa ba. Idan kika ga kek na yau da kullum an ce 160 na minti 25 kacal, ki yi zaton na fanka ne, ki ƙara 20.

Mu ɗauki kek ɗin da ya fi yawa a littattafan Ingila mu bi shi daga farko, domin ina zaton irinsa kika samo: bota giram 225, sukari giram 225, fulawa mai haɗe da bekin hoda giram 225, ƙwai 4. Ana raba kwaɓin a gwangwani biyu marasa zurfi masu faɗin santimita 20, a gasa a 180°C na minti 20 zuwa 25. Ki lura da kalmar biyu. Mu a nan mun fi son kek mai tsayi, sai mu juye duka a gwangwani ɗaya mai zurfi, mu bar zafi da lokaci yadda aka rubuta. Ko da obin ɗinki yana kan 180 cif, wannan kaɗai ya isa ya ba ki gefe busasshe da tsakiya ɗanya, domin zafi daga waje yake shiga a hankali, kuma yanzu tafiyar da zai yi kafin ya kai tsakiya ta ninka. Idan gwangwani ɗaya za ki yi, ki sauko zuwa 160°C, wato 325°F, ki ba shi kamar minti 50 zuwa awa ɗaya, kuma kada ki buɗe ƙofa kafin minti 40.

Ki kunna obin minti 20 kafin ki sa kek, wannan ba a tsallake shi. Duk lambar da aka rubuta a bayanin girki, ana nufin obin ya riga ya kai wannan zafin kafin abinci ya shiga. Idan naki marar tamostat ne, za ki iya fara shi da babbar wuta na minti 10 don ya yi saurin ɗauka, sannan ki dawo da shi kan alamarki, ki jira allura ta zauna, sai ki sa. Da kin buɗe kin sa gwangwani za ki ga allurar ta faɗi, kada ki biye mata ki ƙara wuta, za ta dawo da kanta cikin 'yan mintuna.

Ƙonewar ƙasa kuwa tana da nata dalilin daban, ko bayan an gyara lamba. A irin kukokinmu wutar tana ƙarƙashin farantin ƙarfen da ke ƙasan obin ne, farantin kuma siriri ne, yana yin zafi fiye da iskar da ma'auninki ke aunawa, yana dukan gindin gwangwani kai tsaye. Ki ɗaga ragar zuwa tsakiya ko hawa ɗaya sama da tsakiya. A hawan ƙasa ki sa wani tire da kika zuba wa gishiri ko yashi mai tsabta, kaurin yatsa ɗaya. Dabarar iyayenmu ce ta gashi a tukunya da yashi, aikinta ɗaya: yashin ya sha zafin ya rarraba shi a hankali. Sai dai kada tiren ya rufe ramukan da ke ƙasan obin ko gefensa, ta nan zafi ke hawa, ta nan kuma wutar ke samun iska. Ki sa shi tun lokacin da za ki kunna, kuma da shi a ciki za ki yi awon da na faɗa, domin yana canza lambobin. Gwangwani baƙi ma ya fi farin alminiyam saurin ƙona ƙasa, idan shi gare ki ki shimfiɗa takardar gashi ninki biyu.

Kek ɗin da kansa zai gaya miki abin da ya faru. Idan ya yi tozo a tsakiya ya tsage kamar ƙasar fadama da rani, gefensa ya yi duhu, zafi ya yi yawa: waje ya kama tun ciki bai gama tashi ba, sai cikin ya fasa ya fito. Idan ya tashi sannan ya lotsa a tsakiya, ko dai an buɗe ƙofa da wuri, ko an fitar da shi bai gama ba. Idan ya fito fari, mai nauyi, da wani layi mai danƙo a ƙasa, zafi ya yi kaɗan. Wanda ya gasu daidai samansa kusan a shimfiɗe yake, launinsa kamar na soyayyen ƙosai marar duhu, gefensa ya ɗan janye daga jikin gwangwani, idan kika danna da yatsa ya dawo, tsinken sakace kuma ya fito ba kwaɓi.

Abu ɗaya game da ƙaramar wuta, tunda yanzu a lamba 1 da 2 za ki fi zama: harshen wuta ƙarami yana iya mutuwa idan aka buga ƙofar obin da ƙarfi ko iska ta shigo, kuma ba kowace kuka ce ke yanke gas da kanta ba. Ki riƙa rufe ƙofa a hankali, ki leƙa ki tabbatar wutar na ci. Idan kin tarar ta mutu, ki kashe makunni, ki buɗe ƙofar obin da tagar kicin, ki jira warin gas ya fita gaba ɗaya kafin ki kawo ashana kusa.

Wani lokaci kuma za ki samu bayanin da aka rubuta lamba kawai ba C ba F. Idan ta haura 260, Faranhait ce, domin obin ɗin gida na Salsiyos yawanci a wajen 250 yake ƙarewa. Idan tana tsakanin 150 da 190 kuma kek ne ko biskit, Salsiyos ce. Tsakanin 200 da 250 ne ake ruɗewa, sai ki dubi abin da ake gasawa da tsawon lokacin: burodi ko mitfai na minti 20 zuwa 30 a 200 ko 220 Salsiyos ne, naman da aka ce ya yi awa huɗu ko biyar a 250 kuwa Faranhait ne, wato wajen 120°C. Tsofaffin littattafai ma ba sa ba da lamba, sai su ce moderate oven, suna nufin wajen 180°C, ko hot oven, wajen 200 zuwa 220.

Shawarata kafin Sallah, kada ki yi gwaji da cikakken kwaɓi. Ki kwaɓa na ƙwai ɗaya: bota, sukari da fulawa giram 55 kowanne, ki zuba a ƙananan gwangwanaye huɗu ko biyar. Ki gasa su a ƙaramin obin a 350, ki duba a minti 15, saboda ƙaramin obin ƙarfen wutarsa yana kusa da abinci, yakan yi saurin duhunta sama. Idan kin ga haka tun ciki bai yi ba, ki sauko 325 ko ki yafa foyil a kai. Washegari ki sake kwaɓa irinsa ki gwada a na gas, a wurin da sukari bai narke ba, da tiren yashi a ƙasa. Wanda ya fi ba ki kek mai shimfiɗaɗɗen sama, da shi za ki yi na Sallah, ɗayan kuma ki bar wa mitfai da kaza. Idan kin auna, ki aiko mini da lambobin da kika samu daga 1 zuwa 4 da faɗin gwangwaninki, in taya ki fitar da lokacin.